Tsawon Balaga: Me Ya Sa Mace Ke Riga Namiji Tsayawa?

Duk malamin da ya taɓa jera ɗaliban aji shida na firamare ko na aji ɗaya na ƙaramar sakandare ya san wannan abu: 'yan matan sun kere mazan. Yarinya 'yar shekara 12 za ta tsaya kusa da sa'anta namiji, ka ga kansa bai wuce kunnenta ba. Bayan shekara uku ko huɗu, idan aka sake jera su, labari ya sha bamban. Yarinyar tana kusan inda aka bar ta, shi kuwa yaron wandonsa ya ɗage, muryarsa ta buɗe, sai ta ɗaga kai kafin ta kalli fuskarsa. A kusan kowace al'umma da aka auna, matsakaicin tsawon namiji baligi ya fi na mace da kimanin santimita 13. Yawancin wannan tazara ta samo asali ne daga lokacin da kowannensu ya fara tsawon balaga, kuma sinadarin da ke rufe ƙofar tsawo ga duka jinsunan biyu ɗaya ne, wanda aka fi sani da sinadarin mata.

Kafin a kai can, sai an san ta inda mutum yake yin tsawo. Dogayen ƙasusuwa, irin na cinya da sangali da dantse, ba miƙewa suke yi daga tsakiya ba. Kusa da kowane ƙarshen ƙashin yaro akwai wani siririn faifai na guringuntsi, wato irin abin nan mai taushi da ake tauna a ƙarshen ƙashin ɗan rago. A cikin wannan faifai ƙwayoyin halitta suna rabuwa, suna jeruwa ɗaya bisa ɗaya, suna kumbura, sannan daga bayansu guringuntsin ya rikiɗe ya zama ƙashi. Haka ƙashin yake ƙara tsawo kaɗan-kaɗan. Faifayen da ke gwiwa, na ƙasan cinya da na saman sangali, su ne suka fi ba ƙafa tsawo. Muddin faifan nan yana nan, akwai sauran tsawo. Ranar da ya ƙare ya zama ƙashi tsantsa, likitoci suna cewa ya rufe, kuma daga nan wannan ƙashi ba zai ƙara ko da ƙwayar zarra ba.

Tsawon yaro ba tafiya ɗaya yake yi ba. A shekarar farko jariri yana ƙara kimanin santimita 25, a ta biyu wajen rabin haka, daga nan abin ya lafa ya koma santimita 5 zuwa 6 a shekara har zuwa bakin balaga. A duk wannan zango, tsakanin mace da namiji babu wani bambancin kirki. Sai kuma balaga ta zo, tsawon ya yi tsalle na shekara biyu zuwa uku, sannan ya sauko har ya tsaya. Wanda ya fara barin cikakken rubutu a kan wannan tsalle wani basaraken Faransa ne, Montbeillard, wanda ya riƙa auna ɗansa duk wata shida daga 1759 zuwa 1777. Amma aikin da likitocin yara suka fi dogara da shi na James Tanner ne na Ingila, wanda daga 1948 ya shiga auna yaran wani gidan reno a garin Harpenden shekara da shekaru. Shi da abokin aikinsa Marshall suka wallafa sakamakon 'yan mata a 1969, na maza a 1970. A cikin yaran da suka bi, 'yan mata sun kai ƙololuwar saurin tsawo suna da kimanin shekara 12, maza kuwa suna da kimanin 14.

A nan ne mutane da yawa suke kuskuren fahimta. Ana ɗauka cewa mace tana riga namiji fara balaga da shekara biyu cur. Tazarar farawar ba ta kai haka ba, ba ta cika wuce shekara guda ba. Abin da ya bambanta shi ne gurbin da tsallen tsawo ya faɗo a cikin jerin alamomin balaga. Alamar farko ga yarinya ita ce ƙirgen dangi, wanda ke iya zuwa tsakanin shekara 8 da 13, kuma tare da shi tsawon yake tashi, wani lokaci ma ya ɗan riga shi. Jinin al'ada yana zuwa ne can baya, shekara biyu zuwa biyu da rabi bayan ƙirgen dangi, lokacin da ƙololuwar tsawon ta riga ta wuce da kusan shekara guda. Ga namiji kuwa alamar farko ita ce girman 'ya'yan maraina, tsakanin shekara 9 da 14, abin da ba wanda yake gani, sau da yawa har shi kansa yaron bai lura ba. Tsallen tsawonsa ba ya kaiwa ƙololuwa sai bayan wajen shekara biyu da wannan, daf da lokacin da murya take buɗewa. Saboda haka mace tana yin tsawonta a farkon balaga, a idon kowa, namiji kuma sai ya yi nisa a cikinta.

Bari mu bi wasu tagwaye na misali, mace da namiji, masu ƙoshin lafiya da wadatar abinci, mu ga yadda lissafin yake fita. A ce mahaifinsu santimita 172 ne, mahaifiyarsu 160. Likitoci suna da hanyar ƙiyasi mai sauƙi: a haɗa tsawon iyaye biyu, idan namiji ne a ƙara 13, idan mace ce a cire 13, sannan a raba biyu. Yaron zai faɗo kusa da 172 da rabi, yarinyar kusa da 159 da rabi. Ƙiyasi ne kawai, domin yaro lafiyayye yana iya haurawa ko ya gaza da santimita 8 ko fiye kaɗan.

Suna shekara 10 dukansu santimita 135 ne. A wannan shekara yarinyar ta fara ƙirgen dangi. Tana 11 ta kai 141, tana 12 ta kai 149, wato a shekara ɗaya ta ƙara santimita 8, kuma wannan ita ce ƙololuwarta. Ɗan'uwanta yana nan yana tafiyarsa ta yarinta, santimita 5 a shekara, yana 12 bai wuce 145 ba. A nan ne ake fara yi masa tsiya a gida, ana cewa 'yar'uwarsa ta shanye masa nono. Kafin ta cika 13 ta ga al'adarta ta farko tana da kimanin 154. Daga nan abin da ya rage mata bai fi santimita 6 ba, kuma a hankali zai zo: 158 tana 14, sannan ta ƙarasa 160 wajen shekara 16, ta tsaya. Shi kuwa yaron sai yana 12 tsawonsa ya fara motsi. Yana 13 ya kai 151, har yanzu tana gabansa. Yana 14 ya kai 160, ya ƙara santimita 9 a shekara guda, ya wuce ta. Yana 15 ya kai 167, yana 16 ya kai 171, ya ƙarasa 173 wajen shekara 18.

Yanzu a duba inda tazarar 13 ta fito. Yarinyar ta hau tsallen balaga daga 135, ta samu 25 a cikinsa. Yaron ya hau daga 145, ya samu 28. Ashe ƙarfin tsallen namiji bai ba shi ribar da ta wuce santimita 3 ba. Sauran 10 ɗin ya tara su ne a shekaru biyun nan da ake ganin an bar shi a baya. Wannan ne ma ya sa ƙafafun maza suka fi tsawo idan aka gwada da gangar jikinsu, domin kafin balaga ƙafa ce ta fi saurin tsawo, shi kuma ya samu ƙarin shekara biyu a wannan zango. A cikin tsallen ma akwai jeri: tafin ƙafa da hannu su ke fara girma, sai ƙafafu, sai gadon baya daga ƙarshe. Uwar da ta ga takalmi yana matse ɗanta duk bayan 'yan watanni, to tsawon yana tafe.

To me ke tayar da tsallen, kuma me ke tsayar da shi? Balaga daga ƙwaƙwalwa take farawa. Wani sashe nata yana fara aika saƙo, da farko cikin dare lokacin barci, zuwa wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashinta mai suna fitiyutari. Ita kuma ta saki sinadaran da ke tayar da ma'ajiyar ƙwan mace ta fara yin istirojin, ko 'ya'yan marainan namiji su fara yin testosteron. An daɗe ana koyar da cewa kowane jinsi da nasa sinadarin tsawo: istirojin na mata, testosteron na maza. Wani mutum guda ne ya rushe wannan koyarwa.

A 1994 likita Eric Smith da abokan aikinsa a Cincinnati ta Amurka suka ba da rahoton wani mutum ɗan shekara 28 mai tsawon santimita 204, wanda har lokacin bai daina tsawo ba. Ya balaga a kan kari, yana da gemu, testosteron ɗinsa daidai yake. Abin da ya kai shi asibiti gwame ne da ke ta ƙaruwa. Da aka ɗauki hoton ƙashinsa sai aka tarar faifayen guringuntsinsa a buɗe, kamar na ɗan shekara 15, ƙasusuwan kuma ba su da ƙwari. Bincike ya nuna an haife shi da tangarɗa a mashigar da istirojin ke bi ya yi aiki a jiki. Sinadarin yana nan a jininsa, amma jikin ba ya jin sa. Ko da aka ƙara masa shi na tsawon wata shida, babu abin da ya canza. Ba da jimawa ba aka samu wasu mazan masu irin wannan siffa, su kuma matsalarsu daban: jikinsu ba shi da aromatas, wato sinadarin da ke juya wani kaso na testosteron ya koma istirojin. A 1997 likitoci a Italiya suka ba da rahoton cewa sun ba ɗaya daga cikinsu testosteron, ƙashinsa bai motsa ba. Da suka ba shi istirojin, faifayen suka rufe.

Daga nan aka gane cewa namiji ma da istirojin yake rufe tsawonsa, kuma da taimakonsa yake yin tsallen. Sinadarin aiki biyu yake yi. Idan yana ɗan kaɗan a jini, yana sa fitiyutari ta ninka sinadarin girma da take saki, faifan guringuntsi ya ƙara himma. Amma ƙwayoyin da ke cikin faifan ba su iya rabuwa har abada, suna da iyaka, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan zomaye a Amurka sun nuna istirojin yana gaggauta ƙarewarsu. Kamar fitilar ƙwai ce da aka ɗaga wa lagwani: haske ya ƙaru, kananzir kuma ya fi saurin ƙonewa. Idan ƙwayoyin suka ƙare, ƙashi ya cike gurbin.

Da wannan bambancin jinsunan ya fito fili. Ma'ajiyar ƙwan mace istirojin take yi kai tsaye, don haka tun ranar farko ta balaga ɗan abin da ake buƙata don tayar da tsawo ya samu. Ko kafin balaga ma, awo mai zurfi ya nuna ƙananan 'yan mata sun fi ƙananan maza wannan sinadari a jini, kuma ƙashin mace yana gaban na namiji wajen nuna tun daga haihuwa. Namiji kuwa sai ya bi ta doguwar hanya. Sai testosteron ɗinsa ya taru da yawa kafin ɗan kason da ake juyawa ya kai ya yi tasiri, shi ya sa tsallensa yake jinkiri, rufewar ma take jinkiri. Testosteron yana da nasa aikin a gefe: shi ke faɗaɗa kafaɗa, ya kauraro ƙashi, ya gina tsoka, ya kuma ƙara wa tsallen ɗan ƙarfi. Makiyaya sun daɗe da ganin wani ɓangare na wannan ba tare da sun shiga ɗakin bincike ba, domin san da aka dandaƙe tun yana maraƙi yakan fi bijimi dogayen ƙafafu. An cire masa tushen sinadarin da zai rufe ƙashin da wuri.

Saboda haka likita ba ya dogara da shekarun haihuwa kaɗai idan aka tambaye shi ko yaro yana da sauran tsawo. Yana sa a ɗauki hoton hannun hagu da wuyan hannu, ya gwada da hotunan wani kundi da Greulich da Pyle suka fitar a 1950, ya faɗi shekarun ƙashi. Yarinyar da ƙashinta ya nuna shekara 13, wanda galibi a nan al'ada take farawa, ta riga ta ci kimanin kashi 96 cikin 100 na tsawonta. Yaron da ƙashinsa ya nuna 13 bai kai kashi 90 ba. Mace tana kaiwa kashi 99 idan ƙashinta ya nuna 15, namiji sai ya nuna 17. Kundin daga yaran Amurka masu hali aka haɗa shi tun kafin tsakiyar ƙarni na 20, don haka likitan kirki yana karanta shi ne tare da duba yaron da ke gabansa.

Shekarun da aka ambata duka matsakaici ne, kuma abinci da lafiya suna matsar da su. A arewacin Turai, a tsakiyar ƙarni na 19 'yan mata suna fara al'ada ne wajen shekara 16 zuwa 17, zuwa shekarun 1960 abin ya sauko kusa da 13. Ƙiba tana jawo balagar yarinya kusa, yunwa da doguwar jinya suna tura ta nesa. Yaran karkara da ke fama da ƙarancin abinci sukan makara, tsallen ya zo a raunane, amma su daɗe suna tsawo, namiji har ya haura shekara 20. A ƙasar Hausa babban misali shi ne sikila. Yaro mai ita yakan makara wajen balaga da shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye, ya zama ɗan ƙarami a cikin sa'anninsa. Binciken da aka daɗe ana yi a Jamaika a kan masu wannan ciwo ya nuna yawancinsu suna kamo tsawon daga baya, tun da ƙashin nasu ma ya yi jinkirin rufewa.

Akwai wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara game da 'yan mata. Ganin al'ada alama ce cewa tsawo ya kusa tsayawa, amma ba alama ce cewa ƙashi ya gama ginuwa ba. Ƙashin ƙugu, musamman mafitar da jariri ke bi, yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan tsawon ya lafa. A Zariya, likita Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun wallafa a 1985 cewa ƙananan 'yan mata masu cikin fari da yawansu suna ƙara tsawo a cikin goyon cikin, musamman waɗanda aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙarin jini. Wato uwar da ɗan cikin nata abinci ɗaya suke rabawa, kowannensu yana gina jiki. Wannan ƙugu da bai gama ba yana cikin abubuwan da ke kawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari.

Matsala takan zo ta fuska biyu, kuma wadda ta fi yaudarar iyaye ita ce ta saurin balaga. Yarinyar da ta fara ƙirgen dangi kafin shekara 8, ko yaron da alamomi suka bayyana masa kafin 9, zai kere kowa a aji, iyaye su yi ta murna. Amma ya hau tsallen ne daga ƙasa, faifansa kuma zai rufe da wuri, ya ƙare gajere. Akwai allurar da ke dakatar da balagar har lokacinta ya yi, sai dai amfaninta ga tsawo ya fi yawa idan an fara da wuri, musamman kafin shekara 6 ga yarinya. Ga namiji ya fi zama wajibi a bincika, domin a wajensa an fi samun wani ciwo a ƙwaƙwalwa ko a wata gaɓa a bayan abin. Ɗaya fuskar ita ce jinkiri: yarinya ta cika 13 babu ƙirgen dangi, ko 15 babu al'ada, ko yaro ya cika 14 marainansa ba su motsa ba. Ga maza yawanci gado ne, za ka ji uban ma sai da ya kusa gama sakandare ya miƙe, kuma irin waɗannan suna kamowa. Ga mace gajera ƙwarai wadda balaga ta ƙi zuwa, likita yakan nemi ciwon Turner, wanda ke samun kimanin mace ɗaya a cikin 2,000 zuwa 2,500, kuma yana da magani idan an gano shi kafin ƙashi ya rufe.

A gida ana iya bin diddigin abin da tef ɗin tela da bango. A cire takalmi da hula ko ɗaurin ɗankwali, yaro ya jingina diddige da baya da ƙeya a bango, a ɗora littafi mai tauri a kansa a kwance, a yi alama, a rubuta kwanan wata. A riƙa yi da safe, domin mutum yana raguwa da santimita ɗaya ko fiye kafin yamma saboda nauyin jiki a kan gadon baya. Awo duk wata shida ya isa, na kowane mako ruɗarwa kawai yake yi. Yaron da ke tsakanin shekara 4 da bakin balaga, idan yana ƙara ƙasa da santimita 4 a shekara, ya kamata likitan yara ya gan shi. Saurayi ko budurwar da ta riga ta yi tsallenta, idan shekara ta zagayo ba a samu ƙarin santimita ɗaya ba, tsawon ya zo ƙarshe, kuma magungunan ƙarin tsawo da ake tallatawa ba su iya buɗe faifan da ya rufe. Abin da ya fi su haɗari shi ne ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi akwai dekzametazon a cikinsu, da wasu mayukan bilicin masu irin wannan sinadari. Idan yarinya ta daɗe tana amfani da su a shekarun da faifanta yake aiki, suna danne tsawon, ita kuwa shekarun da suka rage mata kafin ya rufe ba su kai na ɗan'uwanta namiji ba.